Kaciciɓin Monod: me ya sa bakteriya ke fara cin gulukos ta bar laktos?

A ƙarshen 1940, birnin Faris yana hannun sojojin Jamus, Jacques Monod yana kiwon bakteriya a cikin ruwa mai sukari iri biyu. Abin da ya gani ya ɗaure masa kai. Ƙwayoyin sukan yi ta hayayyafa, sai su tsaya cak na ɗan lokaci, sannan su sake tashi. Ya kai wa André Lwoff na Cibiyar Pasteur, shi kuwa ya ce wataƙila ƙwayoyin suna ƙera sabon enzayim ne don sukari na biyu. A kan wannan Monod ya rubuta kundin digirinsa na 1941.

Misalin da ya fi shahara shi ne E. coli da aka ba gulukos da laktos, wato sukarin madara. Sai da aka yi shekara 20 kafin Monod da François Jacob su fito da bayani a 1961. Ƙwayoyin gado uku ne jere a kan DNA, ana karanta su tare, shi ne oferon ɗin lac. lacZ yana ba da enzayim mai raba laktos gida biyu, gulukos da galaktos. lacY yana ba da furotin da ke shigo da laktos cikin ƙwaya. Na ukun, lacA, aikinsa a wannan labari kaɗan ne.

Kusa da su akwai lacI, wanda ke samar da wani furotin mai gadi. Idan babu laktos, mai gadin yana maƙale a wani gurbi da ake kira ofareta, ya hana a karanta ukun nan. Idan laktos ya shigo, enzayim ɗin lacZ yakan juya kaɗan daga cikinsa ya zama alolaktos, wanda ke kama mai gadin ya sauya masa siffa har ya saki DNA. Nan take yawan enzayim ya ninka kusan sau 1,000. To ta ina laktos na farko ya shiga, alhali ƙofar ma oferon ne ke ƙera ta? Mai gadin yakan suɓuce jifa-jifa, don haka kullum akwai 'yan furotin kaɗan a ajiye.

Jacob da Monod da Lwoff sun sami kyautar Nobel a 1965, kafin ma kowa ya riƙe mai gadin a hannu. Walter Gilbert da Benno Müller-Hill ne suka tace shi a Harvard a 1966. Amma a ganina an yi saurin tafi, domin bayanin 1961 bai warware tambayar 1940 ba. Ga laktos a cikin ruwa tun farko, me ya hana oferon buɗewa?

Amsa ta farko ta zo wajen 1970. Ko mai gadi ya tashi, karatun yana da rauni sai wani furotin, CAP, ya haɗu da wani sinadari, cAMP, sun zauna kusa da mafarin karatun sun ƙarfafa shi. Gulukos yana rage cAMP, saboda haka aka ce shi ke nan. Har yau abin da littattafan makaranta da yawa ke koyarwa ke nan.

Akwai amsa ta biyu. Hanyar da ke shigo da gulukos tana da wani furotin, EIIA, mai miƙa fosfat ɗin da ake liƙa wa gulukos yayin shigarsa. Muddin gulukos na kwarara, EIIA yana zama ba fosfat, kuma a wannan hali yakan kama furotin ɗin lacY ya toshe shi. Laktos na waje bai shiga ba, alolaktos bai samu ba, mai gadi yana nan daram. Da gulukos ya ƙare, EIIA ya riƙe fosfat ɗinsa ya saki ƙofa, cAMP ya hau, oferon ya buɗe. Lokacin da ƙwaya ke ɗauka tana tara sababbin enzayim shi ne tsayawar da Monod ya gani.

Wanne ya fi ƙarfi? A 1996 Hiroji Aiba da abokan aikinsa a Japan sun auna, suka tarar yawan cAMP a ƙwayar da ke cin gulukos bai bambanta sosai da na mai cin laktos ba. Suka kuma nuna cewa idan aka kawar da mai gadi, ko ta lalata lacI ko ta zuba IPTG, sinadarin da ke kama shi kamar alolaktos, sai tsayawar ta ɓace. Da raguwar cAMP ce kaɗai dalili, da cire mai gadi bai wadatar ba.

CAP wajibi ne, ba a musun wannan. Amma malamin da zai koyar da abin da ke faruwa idan gulukos da laktos sun haɗu, ya fara da toshewar ƙofar lacY, sannan ya kawo cAMP.