Zare: Daga ina ankon hoton biki ya samo asali?

1/ Jama'a, hoton nan da ake yi ranar biki, kaka a tsakiya, 'ya'ya da jikoki sun kewaye ta cikin atamfa iri ɗaya, yana da tarihi. Na ɗan bi diddiginsa, ku biyo ni.

2/ Abin da muke ce wa anko, Yarbawa suna kiransa aso ebi. Aso tufafi ne, ebi kuma dangi. Wato tufafin dangi. Tun asali shaida ce: a wurin biki ko jana'iza, kallo ɗaya za ka gane su waye 'yan gida.

3/ Da can abin ba sauƙi. Saƙin hannu na Yarbawa, aso oke, ƙwarya-ƙwarya ake saƙa shi siriri sannan a haɗa. A samu na mutum talatin iri ɗaya sak? Sai mai hali.

4/ Yadin kamfani ne ya sauya lissafin. Turawan Holan sun kwaikwayi rinin batik na tsibirin Java, suka koma buga shi da inji. Kamfanin Vlisco, da aka kafa a 1846, yana cikinsu. Inji kuwa zai maimaita zane ɗaya sau dubu.

5/ Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, a shekarun 1920, anko ya bunƙasa a Legas. Ya wuce dangi, ƙawaye da 'yan ƙungiya suka shigo. Masu ɗaukar hoto kuma sun riga sun buɗe shaguna a garin.

6/ Hoton lokacin baƙi da fari ne, launi ba ya fita. Zanen jikin zani kaɗai ake gani, shi ke nuna waɗannan mutane gida ɗaya ne. Da mujallar Ovation ta fito a 1996 da hotunan biki masu launi, sai launin ma ya zama abin gasa.

7/ To a nan matsalar yau take. Misali: mata takwas, kowacce turmi ɗaya, yadi shida ke nan. Yara shida, yadi biyu-biyu, turmi biyu. Jimla turmi goma.

8/ Goman nan a saye su lokaci guda, daga dila ɗaya. In gwaggo ta makara ta je Kantin Kwari bayan wata biyu, za ta iya samun zanen, amma bugun daban ne, ko ma na kwaikwayo. A shago ba a lura. Hoto na fitowa, shuɗinta ya fi na kowa haske.

9/ Shi ya sa ake duba lambar da ke bakin atamfar, a kuma kara ƙyalle biyu a hasken rana.

10/ Sai zancen kuɗi. Tufafin da aka yi don haɗa dangi shi ke fitar da wani daga hoto in ya yi tsada. Kafin a zaɓi anko, a fara tambayar aljihun wanda ya fi kowa ƙaramin ƙarfi a gidan.