Yadda ake ciro rubutu bi da bi daga hoton shafin jarida

A zangunan Bimbilla, Salaga, Yendi da Bawku a arewacin Ghana, shafin jarida kan isa hannun mutane a matsayin hoto ta WhatsApp. Jaridun ƙasar irin su Daily Graphic, wadda aka kafa a 1950, da Turanci suke fitowa, don haka wanda ya fi sakewa da Hausa ko Faransanci yakan sa manhaja ta ciro rubutun, sannan ta fassara masa. Fasahar gane haruffa daga hoto ana kiranta OCR. Sau da yawa takan gane kalmomin daidai, amma ta jera su ba yadda edita ya tsara ba.

Kuskuren ba ƙarami ba ne. Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta Ghana ta sha sanya dokar hana fita a Bimbilla da Bawku. Idan labaran garuruwan biyu suna gefe da gefe a shafi ɗaya, manhaja ta cakuɗa layukansu, mai karatu zai iya ɗaukar lokacin dokar wani gari a matsayin na garinsu.

Yadda manhaja ke raba shafi

Ana tsara rubutun jarida a ginshiƙai, wato siraran rukunan da ke sauka daga sama zuwa ƙasa. Tsakanin kowane biyu akwai farin lungu marar rubutu. Mutum yana bin ma'anar jimla ya san inda zai ci gaba, ita kuwa manhaja da farin wuri da jituwar gefen layuka take dogara.

Ɗaya daga cikin tsofaffin dabaru ita ce wadda Nagy da Seth suka bayyana a 1984. Ana neman farin lungu da ya ratsa shafin daga gefe zuwa gefe, a tsaye ko a kwance, a yanka a nan. Sai a maimaita haka a cikin kowane yanki har a rasa wurin yankawa. Daga nan a jera yankunan daga sama zuwa ƙasa, daga hagu zuwa dama. A rubutun Larabci da ajami, ginshiƙin dama ne na farko.

Abu biyu ne suka fi ɓata wannan tsari: karkatar hoton da aka ɗauka, da hoton da ke zaune a tsakiyar rubutu.

Karkata

A ɗauki misalin hoton shafi mai faɗin ɗigo 2400 da tsawon ɗigo 3200. Yana da ginshiƙai huɗu, kowanne faɗinsa 550, kowane lungu kuma 40. Rubutun ya faro daga ɗigo na 400 ya sauka zuwa na 3100, tsawonsa 2700 ke nan.

Idan wayar ta karkace da digiri ɗaya kacal, ƙasan ginshiƙi zai goce daga saitin samansa da kusan ɗigo 47. Tun da lungun 40 ne, babu miƙaƙƙen farin layi da zai ratsa daga sama zuwa ƙasa. Manhajar da ba ta gyara karkata ba sai ta ɗauki ginshiƙai biyu a matsayin ɗaya, ta karanta layin farko na wannan ta zarce na wancan. Manhajoji da yawa suna gyara 'yar karkata da kansu. Abin da ya fi ba su wahala shi ne takardar da ta lanƙwashe a wurin ninki, ko hoton da aka ɗauka daga gefe har sama ya fi ƙasa tsukewa.

Maganin yana wurin ɗauka. A shimfiɗa jaridar, a danne gefunanta, a riƙe waya daidai saman tsakiyar shafin, a wurin da haske ya wadata ba tare da inuwar hannu ba. Wajen turawa ta WhatsApp a zaɓi Document, domin tura shi a matsayin hoto yana rage masa inganci, ƙananan haruffa su dushe.

Hoto a tsakiyar labari

A wannan shafin dai, a ce babban labari ya mamaye ginshiƙi na 1 zuwa na 3, kanunsa na shimfiɗe a kansu, ginshiƙi na 4 kuma wani labari ne daban. An sa hoto ya rufe tsakiyar ginshiƙi na 2 da na 3, daga ɗigo na 1200 zuwa na 2000, bayaninsa na ƙarƙashinsa har 2100.

Dabarar yanka za ta fara da kyau. Za ta ware ginshiƙi na 4, ta cire kanu, ta ware ginshiƙi na 1. Da ta zo na 2 da na 3, hoton ya toshe lungun da ke tsakaninsu, sai ta yanka a kwance. Jerin da za ta bayar shi ne: saman na 2, saman na 3, bayanin hoto, ƙasan na 2, ƙasan na 3. Amma a tsarin da aka fi sabawa da shi, labarin yana tsallake hoton ne ya ci gaba a ƙasan na 2, kafin ya koma saman na 3.

Wasu shafukan da ɗaya tsarin ake shirya su, don haka siffar shafi kaɗai ba ta raba gardama. Jimla ce ke rabawa. A duba kalmar ƙarshe da ke saman hoto a ginshiƙi na 2, a gwada ta da farkon ƙasan na 2, a sake gwada ta da farkon saman na 3. Wanda ya cike jimlar shi ne ci gaba. Idan an raba kalmar da karan ɗori, shaidar ta fi ƙarfi.

Hanyar da ta fi tabbas

Abin yi shi ne a hana manhaja yin zaɓin. A yanka hoton gida-gida, wanda a wannan misalin yanki takwas ne: kanu, ginshiƙi na 1, sama da ƙasan na 2, sama da ƙasan na 3, bayanin hoto, sai ginshiƙi na 4. A waya, abin yanka hoto ya wadatar, a ba Google Lens ko makamanciyarta yanki ɗaya bayan ɗaya, a liƙa rubutun bisa jerin da aka tabbatar. Bayanin hoto a ajiye shi a ƙarshen labarinsa.

Mai kwamfuta zai iya yanka da ImageMagick, ya karanta da Tesseract, manhajar kyauta da aka saki ga jama'a a 2005. Ga saman ginshiƙi na 2, an bar ɗigo 10 a hagu da dama:

```
magick shafi.jpg -crop 570x800+620+400 +repage g2a.png
tesseract g2a.png g2a --psm 6
```

Zaɓin `--psm 6` yana gaya wa Tesseract cewa dunƙulen rubutu ɗaya ne a gabanta. Ya dace da yanki, amma idan aka yi amfani da shi a kan shafi sukutum, layuka za su tsallaka ginshiƙai. Ga cikakken shafi `--psm 3` ake so, wanda ke raba shafin da kansa.

Yadda ake gane an samu cakuɗa

Alamun ba su da wuyar gani. Jimla takan sauya magana a tsakiya, layukan rubutun da aka ciro su ninka na jaridar tsawo, ko sunayen mutanen da ke cikin hoto su faɗo tsakiyar sakin layi. A yi wannan binciken kafin fassara, domin manhajar fassara takan gyara karyayyiyar jimla ta fito sumul, kuskuren ya ɓuya.

Idan labarin ya ƙare da nunin cewa za a ci gaba a wani shafi, hoto ɗaya bai isa ba, sai an nemo ɗayan. Lokaci, kwanan wata, farashi da sunan gari kuwa, a koma kan hoton a gan su da ido kafin a tura wa wani.