Zullumin Barci a Kan Gado: Yadda Rashin Barci Yake Samun Gindin Zama

Kusan kowane baligi ya taɓa kwana ido biyu saboda rasuwa, ko bashi, ko zazzaɓi. Galibi abin yakan wuce da zarar dalilinsa ya gushe. Amma akwai waɗanda dalilin ke gushewa, rashin barcin ya zauna musu watanni har shekaru. Likitoci kan kira shi mai daɗewa idan yana zuwa aƙalla dare 3 a mako har tsawon wata 3, yana kuma taɓa aikin mutum da rana. Hujjar wannan maƙala ita ce, abin da ya haifi rashin barci daban, abin da ke rainonsa daban, kuma babban mai rainonsa shi ne sa'o'in da mutum ke shafewa a kwance yana zullumin barcin.

Arthur Spielman ne ya fayyace wannan bambanci a 1987. Ya raba lamarin gida uku: halin da mutum yake da shi tun asali, kamar saurin damuwa, abin da ya kunna matsalar, da kuma abubuwan da ke sa ta ɗore. Na ukun ne ya fi ɗaure kai, domin kusan dukkansu dabaru ne da mutum ke ƙirƙira don ya taimaki kansa.

Mu ƙaddara wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari wanda kayansa suka maƙale a hanya, masu bashi kuma suka taso shi a gaba. Mako uku bai samu barcin kirki ba. Daga baya kaya suka iso, ya sallami kowa, amma a ɗan wannan tsakanin ya riga ya sauya tsarinsa. A da sai ƙarfe 11 yake kwanciya. Yanzu da an idar da sallar isha'i yake shirin gado, ƙarfe 9 yana kwance har ƙarfe 5, wai ko ya rama abin da ya rasa. Bayan sallar asuba sai ya koma daga 6 zuwa 8. Sa'a 10 ke nan a kan katifa, alhali barcin da yake samu bai wuce sa'a 6 ba. Masana kan raba lokacin barci da lokacin kwanciya su fitar da kaso: nasa 60 cikin 100 ne, yayin da ake son ya kai 85 ko fiye. Sauran sa'a 4 ɗin juye-juye ne da lissafi.

A cikin waɗannan sa'o'i huɗu ne ɓarnar take. Yana duba agogon waya ya ga ƙarfe 2, sai ya ce a ransa saura sa'a uku, gobe kuma ba zai iya taɓuka komai a shago ba. Ƙwaƙwalwa ba ta bambanta wannan tunani da haɗari na zahiri. Tana sa a saki adirenalin da kotizol, zuciya ta ƙara bugawa, tsokoki su ɗaure, kunne ya buɗe ga kowane motsi. Wannan shirin gudu ne ko faɗa, kuma jikin da ke cikinsa ba ya barci. Allison Harvey ta bayyana a 2002 cewa mai wannan hali yakan koma ɗan sintiri a kan kansa: da dare yana sauraren bugun zuciyarsa, da rana yana neman alamun gajiya, duk hamma ko mantuwa sai ya ɗora wa daren jiya. Abin da ya gano yana ƙara masa tsoro, tsoron kuma yana biyo shi daren gaba. An ma sha lura a ɗakunan gwajin barci cewa masu rashin barci sukan ƙiyasta barcinsu ƙasa da abin da na'ura ta auna.

Sai kuma matsalar ƙoƙari. Colin Espie da abokan aikinsa sun nuna a 2006 cewa barci aiki ne da jiki ke yi da kansa, kuma sa masa ido da niyyar tilasta shi su ne ke ɓata shi. Hausawa na cewa barci ɓarawo ne, ɓarawo kuwa ba ya shiga gidan da mai shi ke zaune a zaure yana jiransa. Tambayi mai lafiyayyen barci me yake yi har barci ya ɗauke shi, zai rasa abin faɗa, don ba ya yin komai.

Abin da ke mayar da wannan ya zama ciwon shekaru shi ne sabo. Kamar yadda Ivan Pavlov ya nuna da karnukansa, jiki na koyon haɗa abubuwa biyu da suke zuwa tare a kai a kai. Idan gado ya haɗu da fargaba dare bayan dare, ganin gadon kaɗai ya isa ya tayar da ita. Wannan yana da alamar da ake gane shi da ita. Ɗan kasuwarmu zai riƙa gyangyaɗi a kujera yana sauraren rediyo, amma da ya hau gado sai ido ya bushe. Idan tafiya ta kai shi masauki a wani gari, sai ya yi barci fiye da na gidansa. Wasu kan fassara haka da cewa akwai wani abu a ɗakin, alhali sabo kaɗai ya isa ya bayyana shi.

Ramuwar barcin ma tana da tata illar. Buƙatar barci taruwa take yi gwargwadon daɗewar mutum a farke, kuma sinadarin adinosin da ke taruwa a ƙwaƙwalwa yana cikin masu ɗauke da ita. Komawa gado da safe da doguwar ƙailula suna zubar da abin da ya taru, goro da shayi da yamma kuma suna toshe aikin adinosin ɗin. Sai dare ya yi, ga zullumi, buƙatar da za ta rinjaye shi kuma ta yi rauni.

Za a iya cewa ai kwanciya ko ba barci hutu ce. Ga mai barcin lafiya da ya farka dare ɗaya, haka ne. Ga wanda sabo ya riga ya kama, kowace sa'a a kwance ƙarin horo ce ga ƙwaƙwalwa cewa gado wurin zullumi ne. Shi ya sa hanyar da Richard Bootzin ya gabatar a 1972 ta tafi akasin abin da zuciya ke so: kada a kwanta sai barci ya zo, idan an yi kimanin minti 20 bai ɗauka ba, a tashi, a yi wani abu mai sanyi cikin haske kaɗan, a dawo in ido ya yi nauyi, a kuma tashi lokaci ɗaya kowace safiya ko yaya daren ya kasance. Minti 20 ɗin ƙiyasi ake yi, agogo kuwa a kife shi. Mai ɗaki ɗaya zai iya saukowa tabarma ya zauna, muhimmin abu dai a bar shimfiɗar.

Ga ɗan kasuwarmu za a taƙaita kwanciya zuwa sa'a 6 da yake samu, daga 11 zuwa 5, ban da komawa bayan asuba. Makon farko zai sha wuya. Idan kason barcinsa ya haura 85 na tsawon mako, sai a ƙara minti 15, a ci gaba a haka. Ba a saukar da lokacin ƙasa da sa'a 5, kuma mai farfaɗiya, da mai taɓin hankali irin mai hawa da sauka, da direban doguwar tafiya, ba sa gwada wannan sai ƙarƙashin kulawar likita. Mai minshari da numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci kuwa ciwonsa daban ne, gwaji yake buƙata.

A 2016 Kwalejin Likitocin Amurka ta ba da shawarar a fara da wannan jiyya ta gyaran tunani da ɗabi'a kafin a kai ga ƙwaya. Diyazifam da ake saya a kemis ba ya warware sabon, jiki kan saba da shi, kuma daina shi farat ɗaya na iya dawo da rashin barcin fiye da da. Don haka ma'aikacin lafiyar da aka kawo wa wannan kuka ya fara tambayar sa'a nawa mutum ke kwanciya, da nawa yake barci a ciki, kafin ya rubuta magani.