Barok da kilasik: waye ya raɗa sunan, kuma yaushe?

'Yan'uwa marubuta, duk wanda ya buɗe littafin tarihin kiɗan Turai zai tarar an yanka zamani kamar gonar gado: daga 1600 zuwa 1750 zamanin barok, daga 1750 zuwa wajen 1820 zamanin kilasik. Mukan kwashi wannan rabon mu zuba a muƙala kamar mutanen lokacin ne suka shata shi da hannunsu. Alhali Johann Sebastian Bach ya mutu bai taɓa jin an ce masa makaɗin barok ba, kuma da an faɗa masa, zagi zai ɗauka. Domin mu ga inda gardamar take, bari mu tsaya a shekara guda, wato 1733.

A waccan shekarar an yi ayyuka uku da littattafan makaranta suke jefawa a kwando ɗaya. A birnin Paris, Jean-Philippe Rameau ya fito da oferarsa ta farko, Hippolyte et Aricie. Ofera wasan kwaikwayo ce da ake rerawa da kiɗa, kuma tasa cike take da sauye-sauyen amo da kunnen mutanen birnin bai saba da su ba. A Jamus, Bach ya miƙa wa sarkin Saksoni da ke Dresden kashi biyu na farko na babban aikinsa na waƙar coci, inda rukunin muryoyi biyar suke saƙuwa da juna, kowanne da layinsa, wannan ya ɗauko wancan ya biyo. A Napoli ta Italiya kuwa, wani saurayi ɗan shekara 23 mai suna Pergolesi ya yi ɗan gajeren wasan barkwanci, La serva padrona, labarin 'yar aiki da ta yi wa maigidanta dabara har ya aure ta. Mutum biyu ne kawai suke rerawa, na uku bebe ne. Waƙar gajerun gaɓoɓi ce, murya ɗaya a sama, kayan kiɗa suna rakiya a ƙasa. Wanda ya saurare ta bai san mai ita ba zai iya cewa ta zamanin Mozart ce, ga shi kuwa sai a 1756 aka haifi Mozart.

To, a cikin ukun nan wanne aka fara kira barok? Na Rameau, kuma da nufin ci masa fuska. A watan Mayun 1734 mujallar Mercure de France ta buga wasiƙar wani da ya ɓoye sunansa, wanda ya yi amfani da kalmar wajen sukar oferar: wai babu waƙa mai daɗin bi a ciki, sai hayaniya da canje-canje. Yawancin masana suna mayar da asalin kalmar ga harshen Fotugal, inda baroko yake nufin lu'ulu'un teku da ya fito a karkace, bai yi mulmulen da ake so ba. Wasu kuma suna danganta ta da wani laƙabi na ilmin manɗiƙi a makarantun Turai na dā, wanda aka riƙa yi wa dariya saboda murɗiyarsa. Ko wanne aka ɗauka, ma'anar dai abu ne mai karkata da wuce gona da iri.

Labarin bai tsaya nan ba. A 1752 wata ƙungiyar 'yan Italiya ta kawo wasan nan na Pergolesi Paris, gari ya rabu biyu, aka shafe kusan shekara biyu ana jifan juna da ƙasidu. Jean-Jacques Rousseau ya tsaya a ɓangaren Italiya. A wurinsa kiɗan Pergolesi shi ne mai sauƙi, mai bin ɗabi'a, na Faransa kuwa ƙaƙale ne. Da ya wallafa ƙamusunsa na kiɗa a 1768, sai ya bayyana barok da kiɗan da amonsa ya rikice, waƙarsa ke da kaushi. Ku dubi abin da ya faru: kalmar da Rousseau ya riƙe a matsayin sanda don dukan irin kiɗan da ya tsana, yau ita muke rufawa a kan wanda ya tsana da wanda ya yaba baki ɗaya. Marubucin da ya ce "Rameau da Pergolesi duk makaɗan barok ne" bai yi ƙarya ba bisa lissafin shekaru, amma ya binne babbar rigimar da mutanen lokacin suka yi.

Sai bayan fiye da ƙarni guda aka wanke kalmar. Masanin tarihin zane da gini Heinrich Wölfflin, ɗan Suwizalan, ya wallafa littafi a 1888 inda ya ɗauki barok a matsayin salo mai ƙa'idojinsa, ya daina kallonsa kamar lalacewar salon da ya gabace shi. A kan gine-ginen Rum yake magana. A 1919 Curt Sachs ya ɗauko ma'aunin ya gwada a kan kiɗa, kuma littafin Manfred Bukofzer na 1947 ya taimaka ƙwarai wajen zaunar da sunan a Ingilishi. Ke nan sunan da muke ɗauka tsoho kamar dutse, a fagen kiɗa bai daɗe da wuce shekara ɗari ba, kuma aro ne daga masu nazarin gini.

Ita ma 1750 sai mun tambaye ta. Me ya faru a shekarar? Bach ya mutu a Leipzig ranar 28 ga Yuli. Shi ke nan. Handel ya rayu har 1759, Rameau har 1764, Telemann har 1767, kuma suna aiki bayan mutuwar Bach. Ta ɗaya gefen, sabon salon ya riga ya yi ƙarfi tun Bach yana da rai. A 1737 wani matashin mai suka, Johann Adolph Scheibe, ya rubuta cewa kiɗan Bach ya yi nauyi, gwaninta ta yi yawa har ta danne daɗin. Mutanen lokacin suna da sunan da suke kiran sabon yayin mai sauƙi, wato galan, kalmar Faransanci mai nufin abin da ya dace da zaman manya masu wayewa. Shi ya sa wasu masana, irin su Daniel Heartz, suke ɗaukar 1720 zuwa 1780 a matsayin zamani mai zaman kansa. In aka bi su, layin 1750 ya faɗo a tsakiyar ɗaki, maimakon bakin ƙofa. A ganinmu hujjarsu ta fi ƙarfi, ko da yake tsohon rabon ya fi sauƙin koyarwa a aji.

Kilasik kuwa ta bi hanyar da ta saɓa wa ta barok, domin yabo ce tun asali. A Latin, kilasikus mutum ne na ajin farko a jerin masu dukiya na Rum, daga baya aka aro ta ga marubucin da ya isa a yi koyi da shi. Haydn da Mozart ba su kira kansu haka ba. A 1810, da E. T. A. Hoffmann ya yi sharhin simfoni na biyar na Beethoven, ya sa Haydn da Mozart da Beethoven duka a sahun masu salon romantik, wato sunan da yau muke bai wa zamanin da ya biyo bayansu. Sai bayan mutuwar Beethoven a 1827 marubutan Jamus suka zaunar da al'adar kiran ukun nan 'yan kilasik. A cikin wannan suna akwai hukunci: mutum uku da suka yi aiki a babban birnin Austiriya su ne ma'auni, duk wanda ya riga su share fage ya yi. Daga nan aka samu kalmomi irin "kafin kilasik", waɗanda suke mayar da rayuwar makaɗi sukutum ta zama jiran wani da bai sani ba.

Akwai kuma tarkon ƙasa. Faransawa suna kiran adabin zamanin Sarki Louis na 14, na su Molière da Racine, da sunan kilasik. Lully, makaɗin fadar da ya yi aiki kafaɗa da kafaɗa da Molière a wasanni ɗaya, littattafan kiɗa barok suke ce masa. Fada ɗaya, dandamali ɗaya, suna biyu. Mu ma ba baƙin wannan ba ne: laƙabin Adabin Kasuwar Kano da aka yi wa littattafanmu, marubuta da dama sun ji shi a matsayin raini, yau kuma ana rubuta shi a kundin digiri kamar sunan yanka.

To yaya za mu yi a muƙala? Ba za mu yar da sunayen ba, domin mai karatu yana bukatar abin da zai kama. Abin da za mu kiyaye shi ne kada suna ya zama dalili. Ga jimlar da ake yawan gani: "Bach ya saƙa muryoyi da yawa saboda shi makaɗin barok ne." Zagaye ta yi ta dawo inda ta tashi, tunda daga ayyukan irin su Bach aka tattara siffofin da aka raɗa wa barok. Akwai gwaji mai sauƙi: mu cire sunan mu gani. In jimlar ta rushe, dama babu komai a cikinta sai sunan. Wannan ta rushe. Pergolesi ma ya ƙaryata ta, tunda yana cikin shekarun kuma wasansa bai bi wannan saƙar ba.

Ga yadda za a gyara ta: "A aikin da ya miƙa wa fadar Dresden a 1733, Bach ya riƙe tsohuwar hanyar saƙa muryoyi biyar, a shekarar da Pergolesi a Napoli yake gina wasansa kan murya ɗaya da 'yar rakiya." Ta fi tsayi, amma yanzu akwai shekara, akwai gari, akwai abin da kunne zai iya tabbatarwa, kuma ta buɗe tambayar da muƙalar za ta bi: me ya sa ma'aikacin coci a Jamus da mai nishaɗantar da 'yan kallo a Italiya suka rabu haka? Amsar tana wajen wanda yake biyan kowannensu da wurin da ake sauraron kiɗan, abin da kalmar barok ba za ta taɓa gaya mana ba.

In kuma dole sai mun yi amfani da sunan, sau ɗaya a farkon muƙala mu faɗi abin da muke nufi da shi: wane fanni, wace ƙasa, waɗanne shekaru. Misali, "kiɗan Italiya da Jamus na wajen 1600 zuwa 1750, wanda masana na ƙarni na 20 suka raɗa wa barok". Wannan 'yar gaɓar ta ƙarshe ta nuna wa mai karatu bakin wa sunan ya fito. Mu kuma lura da aikatau. "Masana sun kira shi barok" magana ce da za a iya karewa. "Ya ƙi salon barok ya rungumi kilasik" kuwa tana sa wa mutumin 1760 zaɓi tsakanin sunaye biyu da ba a raɗa wa zamaninsa ba tukuna. In muna son faɗin abin da ya zaɓa, kalmarsa tana nan: galan yake cewa, kuma Scheibe ya bar mana a rubuce tun 1737 abin da masu wannan ra'ayin suke ƙi a kiɗan Bach.