Asusu na Shida: Inda Fanshon da Ba Ruwa Ya Bambanta da Sauran

Tun da dokar garambawul ga fansho ta 2004 ta fara aiki a Nijeriya, ma'aikaci ba shi da zaɓi a kan tanadin ritaya. Gyaran da aka yi wa dokar a 2014 ya tsayar da mafi ƙarancin abin da ake zubawa a kan kashi 18 cikin ɗari: kashi 8 daga albashin ma'aikaci, kashi 10 daga wanda ya ɗauke shi aiki. Malamin makarantar da ake lissafa masa fansho a kan naira dubu 200, ana zuba masa dubu 36 duk wata. Kamfanin fansho ne ke juya kuɗin, kuma kaso mafi tsoka yana tafiya ne ga takardun bashin gwamnatin tarayya masu biyan ruwa. Shekara da shekaru Musulmin da ke gudun riba a kasuwa da banki ya kasance yana tara ta a asusun da doka ta tilasta masa buɗewa.

A 2021 hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta fitar da ƙa'idojin Asusu na Shida, wanda ake rubutawa Fund VI a takardun kamfanonin fansho. Ba a jefa kowa cikinsa kai tsaye. Wanda bai kai shekara 50 ba yana Asusu na Biyu ne idan bai ce komai ba, wanda ya kai yana na Uku, ɗan fansho kuma yana na Huɗu. Mai son komawa na Shida sai ya nema a wajen kamfaninsa, kuma asusun kashi biyu ne, na masu aiki da na waɗanda suka yi ritaya. Abin da nake son tsayawa a kai shi ne cewa bambancin wannan asusu yana cikin irin yarjejeniyar da ke haifar da kuɗin, kuma wanda ya je neman bambancin a yawan abin da ake samu zai dawo da shakka marar tushe.

Sukuk shi ne ƙashin bayan asusun. A watan Satumba na 2017 Ofishin Kula da Basussuka ya fitar da sukuk na farko na gwamnatin tarayya: naira biliyan 100, wa'adin shekara bakwai, hayar kashi 16.47 cikin ɗari a shekara, domin aikin manyan hanyoyi 25 a shiyyoyi shida na ƙasar. A ce kamfanin fansho ya sa naira miliyan ɗaya a ciki. Zai riƙa karɓar naira 164,700 a shekara, a biya biyu na 82,350, sannan a mayar masa da miliyansa a ƙarshen wa'adi. Da ya sayi takardar bashi ta yau da kullum a lokacin, da abin da zai samu bai yi nisa da wannan ba. A nan ne mutane ke cewa, "Ai duk kanwar ja ce, suna kawai aka sauya."

Ban yarda da wannan hukunci ba. A takardar bashi, an ranta wa gwamnati kuɗi ne ta mayar da ƙari, kuma tana iya kashe su a duk inda ta ga dama, har da biyan wani bashin. A sukuk na ijara, akwai kamfani na musamman da aka kafa wanda ke karɓar kuɗin, ya riƙe haƙƙin kadarar a madadin masu zuba jari, a yi aikin hanyar da aka ambata, gwamnati kuma ta biya haya. Ƙarin ya fito ne daga amfanin wani abu da ido ke gani, kuma kuɗin a ɗaure suke da aikin. Wanda ya bi wasu manyan hanyoyin ƙasar nan ya ga allunan da ke nuna yankin da aka yi da kuɗin sukuk. Kusancin hayar da farashin ruwa a kasuwa bai ɓata cinikin ba, domin fiƙihu yana duban abin da aka ƙulla ne, bai hana a ƙiyasta farashi da abin da kasuwa ke yi ba. Amma masu sukar suna da hujja guda mai nauyi: alƙawarin da gwamnati ke yi na sake sayen kadarar a kan ainihin kuɗin farko yana rage kasadar da mai mallaka ya kamata ya ɗauka, kuma malaman wannan fanni sun daɗe suna muhawara a kansa.

A ɓangaren hannun jari bambancin ya fi fitowa fili. Ana fara duba sana'ar kamfani, a fitar da na giya da caca da bankunan ruwa da inshorar da ba ta takaful ba. Sannan a duba lissafinsa. Ma'aunin hukumar AAOIFI da ke Bahrain ya ce bashin ruwan da ke kan kamfani kada ya wuce kashi 30 cikin ɗari na darajarsa a kasuwa, kuɗin shigar da ba halal ba kuma kada su wuce kashi 5. Abin da ya shigo ta wannan ƙaramar kafa sai an tsarkake shi: idan kashi 3 na kuɗin shigar kamfanin siminti daga ruwan ajiyar banki suka zo, aka kuma raba wa asusun ribar naira dubu 100, to dubu 3 za a cire a bayar ga ayyukan jinƙai. Wannan tankaɗe yana da tsada. Bankuna na cikin kamfanonin da suka fi raba riba a kasuwar hannun jari ta Legas, don haka shekarar da suka yi tashe asusun zai rasa wannan rabon, shekarar da suka sha ƙasa kuma ya tsira.

Raunin asusun na gaskiya shi ne ƙarancin inda za a sa kuɗin. Gudunmawa tana shigowa duk wata, sukuk na gwamnati kuwa ba ya wuce fitowa ɗaya a shekara, kuma masu nema sukan fi abin da aka fitar yawa. Asusu na Biyu yana iya ajiye kuɗin jira a takardun baitulmali na kwana 91 ko 182 ko 364. Na Shida sai dai ya nemi ajiyar mudaraba ko cinikin murabaha a bankuna irin su Jaiz da TAJ da Lotus, kuma cikinsu bai kai na manyan bankuna ba. Saboda haka ne ƙa'idojin 2021 suka yarda kamfani ya cike giɓin da kadarori na yau da kullum idan bai samu marasa ruwa ba, da sharaɗin a riƙa janye su a hankali. Wannan sassauci na fahimce shi, amma abin da ke damuna shi ne ma'aikaci ya cike takarda ya tafi da zaton ya rabu da riba baki ɗaya, alhali ba a yi masa bayani ba.

Sunan asusun kaɗai ba ya wadatarwa. Kafin malamin nan mai dubu 36 ya sa hannu, haƙƙinsa ne ya ga rabe-raben kadarorin asusun a rubuce: nawa ke cikin sukuk, nawa ke cikin hannun jarin da aka tace, nawa ya rage a takardun ruwa, kuma kason na ƙarshen yana raguwa ne ko yana nan daga bara zuwa bana. Ya kuma tambayi yadda ake lissafa kuɗin tsarkakewa, da wanda ke sa ido a kai, da inda ake kai su.