Shekarar haske

Shekarar haske ma'auni ne na nisa da ake amfani da shi a ilimin taurari. Ita ce tazarar da haske yake ci a sararin samaniya cikin shekara ɗaya. Duk da kalmar "shekara" da ke cikin sunan, ba lokaci take aunawa ba. Shekarar haske ɗaya ta kai kimanin kilomita tiriliyan 9.46, wanda ake rubutawa 9.46 × 10¹² km.

Yadda ake samun adadin

Haske yana gudun kilomita 299,792.458 a kowane sakan. Ƙungiyar Masana Ilimin Taurari ta Duniya, wato IAU, tana lissafa shekara da kwana 365.25, wanda ya yi daidai da sakan 31,557,600. Idan aka ninka gudun da yawan sakan ɗin, sai a samu:

299,792.458 × 31,557,600 = 9,460,730,472,580.8 km

Domin a ga girman wannan nisa, tazarar da ke tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi a Jihar Katsina ba ta kai kilomita 30 a miƙe ba. Haske yana ratsa ta cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa 10,000 na sakan. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa kuwa, ko ba ta tsaya ko sau ɗaya ba, sai ta shafe fiye da shekara miliyan 10 kafin ta ci shekarar haske ɗaya.

Rubutun lamba na kimiyya

Doguwar lamba tana da wuyar karantawa, kuma mai kwafa yakan yar da sifili ko ya ƙara bai sani ba. Shi ya sa ake raba ta gida biyu. Gida na farko lamba ce da ta kai 1 amma ba ta kai 10 ba. Gida na biyu shi ne 10 da ƙaramar lamba a samanta, wadda ke nuna sau nawa za a ninka da goma.

A ƙidayar Hausa, dubu ita ce 10³, miliyan 10⁶, biliyan 10⁹, tiriliyan kuma 10¹². Don a mayar da 9,460,000,000,000, ana matsar da ɗigo daga ƙarshen lambar zuwa hagu har ya tsaya bayan 9. Ya tsallake gurbi 12, saboda haka amsar ita ce 9.46 × 10¹².

Mayarwa zuwa kilomita

Ƙa'idar ita ce a ninka yawan shekarun haske da 9.46 × 10¹². Proxima Centauri, tauraron da ya fi kusa da rana, yana nisan kimanin shekarar haske 4.24. Ninka 4.24 da 9.46 yana ba da 40.1, wato 40.1 × 10¹². Tun da 40.1 ta wuce 10, sai a matsar da ɗigo gurbi ɗaya hagu, a ƙara 1 a kan lambar sama. Nisan ya zama 4.01 × 10¹³ km.

Idan duka lambobin biyu manya ne, ana ninka na gaba da na gaba, sannan a tara lambobin sama. Taurarin da Hausawa ke kira Kaza da 'Ya'yanta suna nisan kimanin shekarar haske 440, wato 4.4 × 10². Ga yadda lissafin yake:

4.4 × 9.46 = 41.6

10² × 10¹² = 10¹⁴

41.6 × 10¹⁴ = 4.16 × 10¹⁵ km

Tun da 440 kiyasi ne, ya isa a rubuta 4.2 × 10¹⁵ km. Jera lambobi da yawa bayan ɗigo ba ya ƙara wa amsa inganci fiye da na awon da aka fara da shi.

Kurakuran da aka fi yi

Na farko shi ne ninka lambobin sama maimakon tara su. Wanda ya ninka 2 da 12 zai samu 10²⁴, amsar da ta ninka ta gaskiya sau biliyan 10.

Na biyu shi ne rikita mita da kilomita. Shekarar haske a mita 9.46 × 10¹⁵ ce, kuma ɗaukar ta a matsayin kilomita yana ninka amsa sau dubu.

Na uku yana faruwa ne a kan kalkuleta. Allonta yakan nuna 9.46E12, inda E12 ke nufin × 10¹². Maɓallin EXP ya riga ya ƙunshi "sau goma", don haka wanda ya danna 9.46 × 10 sannan EXP 12 zai samu amsar da ta ninka sau goma.

Ana iya gano waɗannan kurakurai da ƙiyasi mai sauƙi. Shekarar haske ɗaya ta kusa 10¹³ km, saboda haka shekarar haske 440 ba za ta yi nisa da 4.4 × 10¹⁵ km ba. Amsar gaskiya tana ɗan ƙasa da ƙiyasin, da kusan kashi 5 cikin 100. Idan aka ga amsa ta ninka ƙiyasin kusan sau goma ko fiye, to akwai kuskure, sai a koma a duba lambar sama.