Koyar da mutum-mutumi a kwamfuta

Kafin a ƙera mutum-mutumi, injiniyoyi kan gina kwatankwacinsa a manhaja irin su MuJoCo ko Gazebo, ya faɗi sau dubbai ba a yi asarar ƙarfe ba. Sai dai manhaja ba ta kama santsin ƙasa ko jinkirin motsin gaɓoɓi daidai, shi ya sa injin da ya ƙware a allo kan yi tuntuɓe a fili.

A 2019, masu bincike a jami'ar ETH Zurich sun rage wannan giɓi a kan ANYmal, wani mutum-mutumi mai ƙafa huɗu. Sun auna yadda gaɓoɓinsa na gaske ke amsa umarni, suka cusa wannan hali cikin manhajar, suka kuma riƙa sauya nauyin sassansa da gangan lokacin horo. Da aka ɗora abin da kwatankwacinsa ya koya a kan injin na gaske, ya yi gudu, ya kuma iya tashi da kansa bayan faɗuwa.